Ɗauka ta goma a adashi, ko ajiyar banki?

Assalamu alaikum. Ni mai ɗinki ce. Za mu fara adashi wata mai zuwa, mu 12, zubin 10,000 duk wata, mai ɗauka ya kwashi 120,000, uwar adashi ta cire 2,000 na wahalarta. Ɗauka ta goma ce ta faɗo mini. Burina in sayi keken ɗinki nawa na kaina, kuma kuɗin za su isa, don yanzu na haya nake amfani da shi, ina biyan 5,000 duk wata. Yayana ya ce wauta nake yi, wai banki na ba da kashi 12 cikin 100 a shekara, adashi kuwa ko sisi ba ya ƙarawa. Na kasa ba shi amsa. Yaya ake auna su, kuma wanne ya fi mini?

Wa alaikumus salam, 'yar uwa.

Yayanki ya faɗi gaskiya a abu ɗaya: adashi ba ya haihuwa. Abin da aka zuba shi ake kwasa, ko sisi ba ya ƙaruwa a hanya. Amma daga nan ya tsaya, alhali lissafin bai kai rabi ba. Adashi ba shi da wata riba guda da za a ce ita ce tasa, yadda banki ke rubuta tasa a takarda. Mutum 12 da ke cikinsa, kowa da irin cinikin da ya yi. Ta farko rance ta karɓa ba tare da ruwa ba, tana biya a hankali. Ta ƙarshe ita ce ta ba kowa rance, ba ta karɓi komai a kai ba. Sauran suna tsakani, wata ta fi kusa da mai cin bashi, wata ta fi kusa da mai bayarwa. Don haka lambarki ita ce farkon abin dubawa, na biyu kuma abin da za ki yi da kuɗin ranar da suka shigo hannunki.

Ki ɗauko takarda da biro mu bi shi tare. Sharaɗin awon guda ɗaya ne: hanyoyin biyu a rana ɗaya za a tsayar da su a ƙirga. Ranar da ta fi dacewa ita ce ranar zubi na 12, lokacin da kin gama fitar da 120,000 ko ta wace hanya kika bi. Wanda ya ƙirga adashi ranar ɗauka, ya ƙirga banki a ƙarshen shekara, ya auna abu biyu da ma'auni daban-daban.

Mu fara da bankin, mu kuma yarda da kashi 12 ɗin nan tukuna. Kashi 12 a shekara kashi 1 ne a wata. Wato duk 10,000 da ta yi wata guda a ajiye za ta kawo 100. Wannan ɗan abu, zubi ɗaya ya yi wata ɗaya, mu kira shi awo ɗaya, don da shi za mu yi ta aiki. Zubinki na farko zai yi wata 11 kafin ranar ƙirga, na biyu wata 10, na uku wata 9, haka har na ƙarshe da bai kwana ba ma. Ki tara 11 da 10 da 9 har zuwa 1, za ki samu 66. Awo 66, kowanne 100, ya zama 6,600.

A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, kuma ina kyautata zaton yayanki ma a nan ya yi nasa. Ana ɗaukar 120,000 a buga da kashi 12, a samu 14,400, a ce ga abin da adashi ya hana ki. Wannan lissafin na wanda ya kai kuɗin gaba ɗaya ne tun ranar farko ya bar su shekara cur. Ke ba ki da 120,000 a ranar farko, 10,000 gare ki. Abin da tarawa a hankali ke kawowa bai kai rabin wancan ba. Idan bankin yana ɗora ruwa a kan ruwa duk wata, 6,600 ɗin za ta koma 6,825. Bambancin 225 ne, ba zai sauya hukunci ba, sai mu bar shi gefe.

Yanzu adashin. Daga zubin farko zuwa ranar ɗaukarki kuɗinki ne ke hannun mutane. A watan farko 10,000 ce a waje, a na biyu 20,000, a na uku 30,000, har watan tara da 90,000 ke waje. Ki tara 1 zuwa 9, awo 45 ke nan da kika ba da aro. Ranar ɗauka kin zuba jimillar 100,000, kin karɓi 120,000, saboda haka 20,000 ta mutane ta dawo hannunki na wata guda, sai 10,000 na wani watan. Awo 3 kacal. Ki cire 3 daga 45, saura 42. Da farashin banki na 100 a kowane awo, lambarki ta goma ta ci miki 4,200. Ki ɗora ladan uwar adashi, ya zama 6,200.

Idan kina son ki mayar wa yayanki da amsa cikin irin harshensa na kaso, ga yadda ake yi. Awo 42 daidai yake da a ce kin ajiye 420,000 na wata guda. Abin da kika samu a kai shi ne ragin 2,000. Ragin 2,000 a kan 420,000 ya kusa rabin kashi 1 a wata, wato kusan kashi 6 a shekara, amma na asara. Banki yana ƙara 12, adashi yana rage kusan 6. In da a ce za ki karɓi kuɗin ne ki zura a akwati, da na ce miki yayanki ya ci gari, ki bi shawararsa.

Ki lura da wani abu kafin mu wuce. Wadda ke ɗauka ta biyu a wannan adashin naku, awo 1 ta ba da aro, ta ci aron awo 55. Ladan 2,000 ɗin da ita ma za ta biya, idan aka shimfiɗa shi a kan awo 54 da ta ci, bai wuce kashi 4 da rabi a shekara ba. Rance mai arha ƙwarai, ba jingina, ba cike takardu. Kuɗin wahala iri ɗaya kuka biya, zubi iri ɗaya kuka yi, amma ita ta ci moriyar 5,400, ke kin yi asarar 4,200. Tsakiyar layin tana tsakanin ta shida da ta bakwai: ta shida tana gaba da 600, ta bakwai tana baya da 600. Duk taki ɗaya da aka matsar da mutum baya a layi, 1,200 aka cire masa, domin 120,000 ce ta yi jinkirin wata guda. Idan aka haɗa ribar shidan farko da asarar shidan ƙarshe, sifili ake samu. Wannan ne ainihin ma'anar cewa adashi ba ya haihuwa: kuɗin lokaci kawai yake ɗauka daga aljihun wasu ya kai na wasu.

Shi ya sa nake murmushi idan na ji uwar adashi ta ce ita ba ta karɓar ko kwabo, ɗaukar farko kawai take yi. Amfanin ɗaukar farko a irin naku ya kai 6,600. Ba na cewa ba ta cancanta ba, mai bin mutum 11 bashi duk wata ta san abin da take sha. Ina dai cewa lada ne, a san da shi. Ki tambaya a naku wa ke da lamba ta ɗaya. In ita ce, ga kuma 2,000 daga kowane hannu, to lada biyu take ci.

To, amma ke ba akwati za ki kai kuɗin ba, kuma a nan ne lissafin ya juya.

Ta hanyar banki, yaushe za ki mallaki keken? A zubi na 11 kina da 110,000 da ruwan 5,500, jimla 115,500. In kuɗin keken ya kusa 120,000, bai kai ba. Sai a zubi na 12. Ta hanyar adashi kuwa a zubi na 10 za ki saya. Wata biyu ne tsakani, kuma kowane wata a cikinsu kina biyan haya. Saboda haka ki tsaya a ranar ƙirga ki duba hannuwanki biyu. A hannun banki akwai keke da rarar 6,600. A hannun adashi akwai keke, da hayar wata biyu da ba ki biya ba, 10,000, a cire ladan 2,000, saura 8,000. Adashi ya wuce banki da 1,400.

Kada ki sake cire 4,200 ɗin nan ta baya daga wannan. An riga an ƙirga ta a cikin 6,600 na banki, cire ta kuma zai zama caji biyu a kan abu ɗaya. Lissafin farko na wadda za ta mayar da kuɗin ajiya ne, wannan kuma na wadda za ta saka su a aiki. Ɗaya za a ɗauka, gwargwadon abin da mutum zai yi da gaske.

Dalilin juyawar a fili yake. Kuɗin nan a banki 1,200 suke kawowa a wata. A jikin keke 5,000 suke tsare miki a wata, fiye da ninki huɗu. Duk watan da kika riga samun su, da farashin keke za a auna shi, ba da na banki ba. Wannan ba sabon tunani ba ne. Wasu masana tattalin arziki uku, Timothy Besley da Stephen Coate da Glenn Loury, sun yi bayaninsa a 1993: idan mutane suna tara kuɗin sayen abin da ba a iya sayensa gutsure-gutsure, adashi yana sa kowa ya samu da wuri fiye da in shi kaɗai yake tarawa, ban da na ƙarshe, wanda yake samu a lokacin da dama zai samu. A naku, mai tarawa ita kaɗai sai zubi na 12, 'yan adashi kuwa idan aka raba daidai, tsakanin na shida da na bakwai. Amfanin adashi na haƙiƙa ke nan, kuma ba ya bayyana a lissafin kaso.

Sai dai ki ga yadda tazarar take siririya a wurinki. Da ke ce ta 11, hayar wata ɗaya kawai za ki tsira da ita, 5,000, a cire 2,000, saura 3,000, banki ya wuce ki da 3,600. Da ke ce ta 12, kin biya 2,000 a banza, kin kuma bar 6,600. Da ke ce ta huɗu, hayar wata takwas ce, 40,000, babu ma abin tattaunawa. Lamba ta goma tana bakin iyaka ne, ƙaramin abu zai iya tura ta ko ta wane gefe. Don haka dole mu koma kan kashi 12 ɗin da muka yarda da shi ba bincike.

Babban kason da bankuna ke tallatawa galibi na ajiyar ƙayyadadden lokaci ne: ka kawo dunƙulen kuɗi, a kulle su wata uku ko shida ko shekara, in ka fasa kafin wa'adi a zaftare ruwan ko a hana ka shi. Yawanci akwai mafi ƙarancin abin da ake buɗe ta da shi, kuma ba a cika yarda a riƙa ƙara mata kuɗi duk wata ba. Mai kawo 10,000 wata-wata, asusun ajiya na yau da kullum ake buɗe mata, shi kuma abin da yake biya ya fi ƙanƙanta. Ki roƙi yayanki ya raka ki bankin, ko ya tambayo miki a rubuce. Tambayar ita ce: in ina kawo 10,000 duk wata har sau 12, nawa zan tarar a asusuna ranar zubi na ƙarshe, bayan an cire komai? Adadin kuɗi za su ba ki, kada ki karɓi kaso. Wannan tambaya guda ta tattara abubuwan da ake ɓoyewa a ƙananan rubutu: harajin da ake cirewa daga ruwan a ƙasashe da dama, kuɗin saƙon waya da na kati, da sharaɗin nan na wasu bankuna cewa wanda ya cire kuɗi fiye da sau kaza a wata ya rasa ruwan watan. Ki kuma tambaya ko suna da asusun tara kuɗi don wata buƙata, wanda ake zubawa wata-wata a kulle har wa'adi. Irinsa ne ya fi kama da adashi, kuma yakan biya fiye da asusun yau da kullum.

A ce amsar ta fito kashi 4 ne a shekara. Misali nake bayarwa, naki adadin za ki saka. Kowane awo ya koma 33 da ɗoriya maimakon 100, awo 66 ya zama 2,200, tun ba a cire haraji da caji ba. Tazarar adashi ta tashi daga 1,400 zuwa 5,800. Idan kuma ke ba mai karɓar kuɗin ruwa ba ce, lissafin bai lalace ba. In asusun da babu ƙari za ki buɗe, ki rubuta sifili a gefen banki, tazarar ta zama 8,000 cif. In na bankin da ke raba riba ne, ki nemi abin da suka raba wa masu ajiya a shekarar da ta wuce ki yi aiki da shi, kina sane cewa ba alkawari ba ne, yana iya hawa yana iya sauka.

Hauhawar farashi fa? Tana cin kuɗin banki, tana cin na adashi, don haka ba ta zaɓar miki gefe kai tsaye. Inda take shiga maganarki shi ne ranar saye. In farashin keke yana tashi, wadda ta saya a wata na 10 ta tsere wa ƙarin wata biyu. Wannan ma yana gefen adashi, ko da yake kaɗan ne. Babbar barazanar ita ce kafin wata na 10 keken ya fi ƙarfin 118,000 da za ki karɓa. Ki tanadi ɗan ciko tun yanzu, ko a wace hanya kika tsaya.

Duk abin da muka ƙirga zuwa nan ya ginu ne a kan cewa za a ba ki kuɗinki cif, a ranarsu. Banki mai lasisi yana da hukumar da ke sa masa ido, kuma a ƙasashe da yawa akwai inshorar masu ajiya har zuwa wani adadi, wanda ƙaramar ajiya irin taki kan shiga ciki. Ki tabbatar da wannan game da bankin da ake magana, musamman in ƙaramin banki ne ko na manhajar waya. Adashi ba shi da kowa a bayansa sai mutuncin waɗanda ke ciki. Kuma haɗarinsa ba a raba shi daidai ba: wadda ta riga ta ɗauka ba ta da abin rasawa, wadda ke jira ita ce kuɗinta ke waje. Daren ranar ɗaukarki, 90,000 ɗinki na hannun mutane, tara daga cikinsu sun riga sun kwashi nasu, abin da ya rage musu biya ne kawai.

Ana iya saka wa wannan haɗari adadi, kuma ya kamata a saka. Matsalar da ta fi yawa ba gudu da kuɗi ba ce, jinkiri ne. Ranar ɗauka ta zo, uku ba su kawo ba, a ba ki 88,000 a ce ki yi haƙuri sauran na tafe. Kuɗin ba su ɓata ba, amma keke ba ya sayuwa da kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa. Jinkirin wata guda hayar 5,000 ce. In tazararki 5,800 ce, saura 800. In 1,400 ce, kin koma baya da 3,600. Matsala ta biyu, wata ta ɗauka da wuri ta daina zubi, ko don rashin gaskiya ko don ciwo ko karayar jari. Duk ɗaukar da ta biyo baya za ta zo da giɓin 10,000, sai in uwar adashi ta ɗauki nauyin cikewa. Giɓi ɗaya ya cinye tazarar duka har da ƙari. Ta uku ita ce rushewa gaba ɗaya. A ce ya watse bayan zubi na bakwai, kin zuba 70,000, ba a dawo da komai ba. Ribar 5,800 sau 12 ita ce 69,600. Wato rushewa ɗaya tana shafe amfanin zagaye 12 masu lafiya. Sai ki tambayi kanki da gaskiya: in aka yi irin wannan adashi da waɗannan mutane sau 12 ko 13, ina ganin ɗaya zai watse? In zuciyarki ta ce e, lissafi ya ce banki.

Ba a sanin wannan da kallon fuska, da tambaya ake sani. Zagaye nawa wannan rukuni ya kammala a baya? Ki nemi wadda ta yi ɗaukar ƙarshe ko ta kusa da ƙarshe a zagayen da ya wuce, ita ce shaidar da ta fi kowa amfani a gare ki. Ki tambaye ta ranar da aka ce za ta ɗauka da ranar da kuɗin suka cika a hannunta. 'Yan farkon layi kullum yabon adashin suke yi, ba su ga komai ba. Ki duba ko sunaye 12 ɗin mutum 12 ne na gaske. Idan uwar adashi tana riƙe da hannu biyu ko uku a gaban layi da sunan wasu da ba wanda ya taɓa gani, wannan alama ce mai nauyi. Haka in sababbin shiga ne aka jera a gaba. A adashin da ya san kansa, baƙo baya ake saka shi har a ga kamun ludayinsa, wataƙila ma dalilin taki lambar ke nan. Ki tambaya tun kafin zubin farko, a gaban kowa: in wata ta gaza, wa zai cike? In amsar ita ce Allah zai kiyaye, to ba a yi tanadi ba. Sannan a rubuta layin ɗauka da ranaku, kowa ya riƙe kwafi, domin sauya layi a tsakiyar tafiya da sunan wata na da lalura shi ne hanyar da ta goma ke wayar gari ta zama ta 12.

Akwai haɗari ɗaya kuma a gefen banki da ba ya cikin takardarsu, ke ce. Lissafin 6,600 ko 2,200 ya ɗauka za ki kai kuɗin sau 12 ba fashi, ba kuma za ki taɓa su ba. Zubin adashi ana biyansa ko da an ƙuntata, saboda kunyar idon mutane. Banki ba ya aiko kowa ya ƙwanƙwasa miki ƙofa, kuma kuɗin da aka san suna asusu kowa na da buƙatar da za ta cinye su. Kada ki amsa wannan da niyya, ki amsa da tarihi. In kin taɓa ƙoƙarin tarawa ke kaɗai, wata nawa kika yi kafin ki fasa ko ki ciro? In kika tsallake wata biyu kacal a shekara, keken ya koma wata na 14, hayar wata biyu ta ƙaru, 10,000 ke nan, ta fi duk ruwan da bankin zai ba ki ko da a kashi 12 ne. In kuwa ke mai riƙo ce, kin taɓa tara kuɗi shekara guda ba ki taɓa su ba, to ki share wannan sakin layi, bai shafe ki ba.

Ga abin da nake gani a naki. In rukunin ya taɓa kammala zagaye biyu ko uku, 'yan ƙarshen layi sun shaida an ba su a kan lokaci, akwai kuma wanda ya ɗauki nauyin cike giɓi, ki zauna. Hayar da kike biya ta sa kowane wata ya yi miki tsada fiye da yadda banki zai iya biya. In rukunin sabo ne, ko kin ji labarin jinkiri ko sau ɗaya daga bakin 'yan ƙarshe, tazarar ba ta kai a jefa 90,000 a kanta ba, musamman in bankin ya tabbatar a rubuce cewa kashi 12 ɗin ya shafi mai zubi wata-wata. A wannan hali ki buɗe asusun da ake kullewa, ki sa a riƙa cire kuɗin kai tsaye ranar da kika san ciniki ya shigo.

Tun da ba a fara ba, kina da damar da ta fi duka biyun: ki nemi a matsar da ke gaba. A cikin mutum 12 da wuya a rasa wadda ta fi son ƙarshen layi, ko don tana tsoron kada kuɗin su narke a hannunta, ko don buƙatarta sai ƙarshen shekara. A wurinta taki ɗaya 1,200 ne in ya yi yawa, a wurinki 5,000 ne. Musanya daga ta goma zuwa ta shida ta tsare miki hayar wata huɗu, 20,000, ta kuma rage abin da zai kasance a waje kafin ɗaukarki daga 90,000 zuwa 50,000. In ba a samu mai musanya ba, ki nemi a rubuta tun yanzu cewa zagaye na gaba za a juya layin, ta ƙarshe ta zama ta farko. Ta goma za ta koma ta uku, ita kuwa lamba ta uku tana gaba da 4,200, daidai abin da ta goma ta rasa.

Shi kuma yayanki, ki ba shi takardar ya bi lissafin da kansa, ki nuna masa wurin da 14,400 ta koma 6,600 da wurin da haya ta shigo. In ya dawo daga banki da adadi a rubuce, ki saka shi a gurbin 6,600, ki ajiye shi kusa da 8,000 ɗinki, ki cire 5,000 a kan duk watan jinkirin da 'yan ƙarshen zagayen baya suka ce sun gani.